Ludayin Yaya

Shekarar da mijin yayata ya rasa aikinsa, abin da take da shi a ɗakinta na Mabera a Sakkwato bai wuce tandar ƙasa mai gida bakwai da mahaifiyarmu ta ba ta ba, sai hannun masa da duk danginmu suka shaida. Kwasar adashinta ta ƙarshe ta isa mudu biyu na shinkafar tuwo, kwalbar man gyaɗa, ƙullin yis, sukari da itace. Ni ne ɗan aike, don haka komai a idona aka yi.

Takan jiƙa shinkafar bayan Azahar, ta ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu ta dafa ya yi laushi, ta haɗa da ɗanyar da albasa, in kai inji bayan Magariba. Ƙullin ya kwana da yis, da Asuba ya taso yana ƙananan idanu. Kafin 'yan makaranta su gama wucewa roba ta koma wayam. Kullum haka. Amma cikin mako na uku na je awo a Tsohuwar Kasuwa, kuɗin hannuna ba su kai mudu biyun ba. Ciniki na gudu, uwar kuɗi na ƙanƙancewa, muka rasa ta inda take zurarewa.

Wata tsohuwa a layinmu, wadda ta daɗe da barin tuya saboda hayaƙi ya taɓa mata ido, ita ta zo ta zauna kan tabarma wata safiya tana kallo. Ba ta tanka ba sai da aka kwashe tanda uku.

"Ɗiyata, wanga ludayi na biki na. Shi za ki ci gaba da sai da masa da shi?"

"Inna, da shi na saba."

"To ƙirga mu gani."

Muka ƙirga. Mudu guda yana ba Yaya masa hamsin da 'yan kai, alhali da ƙaramin ludayi zai kai saba'in. Man kuma daga bakin kwalba take tsiyayawa, tanda ta sha rabi, masa ta sha rabi. Tsohuwar ta sa aka zuba shi a gwangwani, kowane gida ya sami ɗan ƙaramin cokali ɗaya, ta kuma ce sabuwar tandar da Yaya ke shirin saye sai an yi kwanaki ana shafe ta da mai ana gasawa, in ba haka ba za ta yi ta kama masa. Sannan ta juyo kanmu. Yaran gida huɗu da ni, kowa yana ɗaukar uku ko huɗu, ga gyara, ga bashin maƙwabta da kunya ke hana tambaya. Wajen masa talatin ke nan a rana da ba su zama kuɗi ba. Har yau ina jin nauyin wannan lissafi, domin rabona a ciki ba kaɗan ba ne.

Daga ranar gwangwani biyu Yaya ta ajiye. Na farko na kuɗin shinkafa, mai, niƙa da itace, shi ake fara cikawa kuma ba a taɓa shi ko gidan ba cefane. Abin da ya saura shi ne nata. Masar yara ma takan biya kuɗinta daga na biyun zuwa na farko.

Da bazara ta kama sai wata matsala ta ɓullo. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40, dare ma bai huce ba. Ƙullin da ke kwana lafiya da hunturu sai ya taso tun tsakar dare ya faɗa, ya tsinke, warin tsami na dukan hanci daga an buɗe murfi. Masar ta fito a shafe, tana shan mai. Kwana biyu muna cin asararmu da miyar taushe. Ruwan kanwa kaɗan yana kashe tsamin, amma in ya yi yawa masa ta yi ja, ta yi ɗanɗanon sabulu. Abin da ya fi yi mata shi ne rage yis zuwa rabi, ta daina zuba shi sai za ta kwanta, ta kuma ɗora robar kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

A farkon 2023, da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, masu sayen na ɗari da ɗari biyu suka ragu ƙwarai. Abin da ya riƙe ta shi ne masar suna da biki, wadda ake biya ta waya. Sharaɗinta ɗaya, a turo kuɗin kaya tukuna, ladan hannu ya biyo baya, don haka ba ta sa ko sisi nata a ciki. Yanzu tanda uku take girkawa, da yarinya mai taya ta juyi. Babban ludayin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar madafa, ranar Salla ake sauke shi.