Tsakanin Kwamfuta da Wuƙar Maɗaba'a

A maɗaba'a akwai wani ma'aikaci da ba ya taɓa tawada, ba ya kuma tada inji, amma idan ya yi sake, kati dubu sai ya tashi a tutar babu. Shi ne mai shirya fayil, wanda kowane PDF ke bi ta hannunsa kafin a ƙona farantan bugu. Na san darajarsa ne ranar da na kai katin ɗaurin auren ƙanwata wata maɗaba'a a Kano, cike da alfahari, don ni na zana abina a CorelDRAW.

Dattijon da ke wannan aiki a can ya buɗe fayil ɗin, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Samari, ina rarar gefe?"

Katin A5 ne, milimita 148 a faɗi, 210 a tsayi, shuɗin bangonsa kuma ya tsaya cif a bakin takarda. A nan matsalar take. Ba ɗaya-ɗaya ake buga kati ba. Jera su ake yi a babbar takarda, a tara su tuli guda, sannan wuƙar inji ta sauka a kansu gaba ɗaya. Komai ƙwarewar mai yanka, takarda takan goce da kamar milimita guda, kuma wannan ɗan gocewar ya isa ya bar farin zare a gefen kati. Maganinsa irin na tela ne, wanda yakan bar rarar yadi don ɗinki. Sai a ja launin bango ya zarce bakin katin da milimita 3 ta kowane ɓangare, zanen ya koma 154 da 216, wuƙa ta ci rarar. Rubutu kuwa ciki ake janye shi, kamar milimita 5 daga baki. Nawa sunan ango saura ƙiris ya taɓa gefe.

Wajen fitar da PDF, ya shiga `Prepress`, ya kunna `Bleed limit` da `Crop marks`. Na biyun su ne 'yan siraran layukan kusurwa da ke nuna wa mai yanka inda wuƙa za ta bi, kuma a wajen katin suke zama.

Inda muka daɗe shi ne launi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake da su, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kowace da farantinta. Haske yana iya abin da tawada ba ta iyawa. Da ya juya fayil ɗina zuwa CMYK, shuɗin nan mai ƙyalli da na kwana ina so sai ya dushe, ya karkata zuwa shunayya, domin juyin ya cika masa ja. Na ce, "Malam, ai ka ɓata shi." Ya ce, "Ban ɓata ba, na nuna maka abin da takarda za ta ba ka ne." Ya gyara da hannu, C ya kai 100, M ya sauko 70, shuɗin ya dawo shuɗi, ko da yake ba mai walƙiyar allo ba.

Sai baƙin rubutu, wanda a ganina nan ne aka fi gane gwani. Baƙin RGB idan aka juya shi yakan zama gaurayen tawada huɗu. A allo ba ka ganin bambanci. A inji kuwa, ƙananan haruffa sai an buga su sau huɗu a wuri guda, kuma da faranti ɗaya ya ɗan kauce, rubutun ya yi inuwa ja ko shuɗiya, mai karatu ya ɗauka idonsa ne. Ya buɗe `Output Preview` a Acrobat, ya kashe farantin baƙi. Da rubutun K 100 ne zalla, da ya ɓace ɗungum. Nawa yana nan daram. Ya mai da shi baƙi tsantsa, ya sake gwadawa, rubutun ya ɓace tas.

Hoton masallacin da na ɗauko daga WhatsApp na sa a katin ko gardama ba mu yi a kansa ba. Bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wannan kuwa an riga an matse shi, sai da na nemo na asali.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu masu ƙ da ɗ da ɓ. Salon haruffa da yawa ba su da waɗannan masu lanƙwasa, kuma idan ba a cusa salon cikin PDF ba, wata kwamfutar sai ta musanya shi, "ɗaurin aure" ya fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Shi ya sa yake mai da rubutu zane da `Ctrl+Q`, amma sai bayan ya ajiye kwafi, domin daga nan ba a ƙara gyara harafi.

Kafin ya ƙona faranti ya buga min gwaji ɗaya, ya sa na karanta da ƙarfi, na sa hannu a bayansa. Kai ma idan ka kai aiki maɗaba'a, don Allah kada ka yarda a ƙona faranti sai ka riƙe wannan gwajin a hannunka, ka duba suna da rana da wuri.