Kan Tebur Ɗaya Ya Isa

Rajistar albashi mai shafi 40, kowane shafi da kan tebur da layuka 25: idan aka ɗauki hotonta, aka mayar da ita rubutu a Excel, layuka 1,040 za su fito. Na gaskiya 1,001 ne. Sauran 39 maimaicin kai ne.

Mai gaggawa yakan danna `Remove Duplicates`, amma nan gizo ke saƙa. Na'urar karanta hoto kan mayar da "Suna" ya koma "Suma" a wani shafi, sai wannan layin ya tsira. Mutum biyu masu suna da albashi iri ɗaya kuwa, ɗaya ya salwanta.

Gwanaye kan tace ginshiƙin kuɗi, su fitar da duk layin da ba lamba a ciki, su duba shi da ido kafin gogewa. Sannan su gwada jimilla da ta takarda.