Silaid Mai Cunkoson Rubutu: Me Za A Bari, Me Za A Kai Ƙasa?

A ranar 16 ga Janairu, 2003, kumbon Amurka mai suna Columbia ya tashi da mutum 7. Kimanin daƙiƙa 82 da tashinsa, wani guntun soso da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya daki fiffikensa na hagu. Kumbon na can sama, injiniyoyin kamfanin Boeing suka shirya wa jami'an hukumar NASA bayani a PowerPoint kan ko ɓarnar ta kai a damu. A ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, ba wanda ya tsira.

Ba silaid ne ya kashe su ba, kuma zai zama zalunci a ce haka. Amma ɗaya daga cikin shafukan bayanin ya yi suna, domin masani Edward Tufte ya yi masa filla-filla, kuma kwamitin da ya binciki hatsarin ya sa wannan nazari a rahotonsa. Shafin cike yake da rubutu, layi a ƙarƙashin layi har hawa 6. Kanun da ke samansa, da manyan baƙaƙe, ya fi kama da kwantar da hankali. Magana mafi nauyi kuwa tana can ƙarshe da ƙananan baƙaƙe: girman sosan da aka kiyasta ya daki kumbon ya kai inci 1,920 a ma'aunin cika, alhali wanda aka yi gwaji da shi inci 3 ne kacal. Wato ya ninka shi sau 640, don haka gwajin da ake dogaro da shi bai isa ya ba da tabbacin komai ba.

Duk wanda ya taɓa zama a taron bita, ko ya ga ɗalibi yana kare kundin digirinsa, ya san irin wannan shafi. An kwashe sakin layi daga rahoto an zuba a majigi, mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karantawa. Matsalar ita ce ido ya fi baki sauri. Kafin ya gama layi na biyu, na kusa da allo sun kai ƙarshe sun koma kan wayoyinsu, na baya kuma ba sa ganin komai. Binciken Richard Mayer kan koyo da hoto da sauti ya nuna cewa mutum ya fi fahimta idan yana kallon hoto ana yi masa bayani da baki, fiye da idan aka ƙara masa da rubutun maganar da ake faɗa a lokaci guda.

To, da za a ba mu shafin Columbia mu gyara, ta ina za mu fara? Kafin a goge ko da harafi ɗaya, sai a kwafe rubutun gaba ɗaya a liƙa shi a wurin ƙarin bayani da ke ƙasan silaid, inda PowerPoint ke rubuta Click to add notes. Idan wurin bai bayyana ba, a danna Notes a ƙasan fuskar manhajar. Wannan mataki yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin abin da ke hana mutane rage rubutu tsoro ne: kada su manta, ko kada a ce ba su yi aiki ba. Da zarar komai ya samu mazauni a ƙasa, hannu ya saki.

Aiki na gaba shi ne mai wuya, kuma ba na kwamfuta ba ne. Mai jawabi ya tambayi kansa: idan jumla ɗaya kawai za su fita da ita daga ɗakin nan, wace ce? Wannan jumlar ita ce kanu. Kanu irin su "Sakamakon Gwaji" ko "Matsaloli" suna ne kawai, ba su faɗi komai ba. A shafin Columbia, kanun da ya dace shi ne: sosan da ya daki fiffike ya ninka wanda muka gwada sau 640. Shugaban da ya ɗaga kai na ɗan lokaci ya karanta wannan kaɗai ya riga ya san akwai magana.

Sauran filin kuma na hujja ce, wadda ido zai kama nan take. Sanduna biyu a kwance sun wadatar, ɗaya ta gwaji, ɗaya ta abin da ya faru. Idan doguwar ta kai santimita 32 a allo, gajerar za ta zama rabin milimita, da ƙyar ma a gan ta, kuma wannan rashin ganin nata shi ne dukan saƙon. A sa lamba a gefen kowace, a ƙara layi ɗaya a ƙasa na abin da ake so a yi, misali a nemi hoton fiffiken. Shi ke nan. Yadda aka yi gwajin, da saurin da sosan ya zo da shi, da kusurwar da ya daka, duk su zauna a ƙasa, a faɗe su da baki ko a ciro su idan an yi tambaya.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa a rage rubutu kawai, ko ta halin ƙaƙa. Ragewa tana da nata haɗarin. Wanda bai fahimci shafin Columbia ba zai iya barin kanun nan mai daɗi, ya ɗora hoton kumbo mai kyau, ya tura 1,920 da 3 can ƙasa inda ba mai gani. Shafin zai yi tsaf, kuma zai fi na farko muni. Don haka duk abin da zai iya sauya shawarar masu sauraro, ko gargaɗi ne ko sharaɗi ko lambar da hukunci ya rataya a kanta, a allo yake zama. Abin da ke sauka ƙasa shi ne tarihi, da hanyar lissafi, da inda aka samo alƙaluma. Idan kuma aka tarar shafi ɗaya na ɗauke da saƙo biyu masu nauyi, a raba shi gida biyu. Ƙarin silaid ba ya cin kuɗi.

Girman baƙaƙe ma ma'auni ne. Guy Kawasaki ya daɗe yana ba da shawarar kada a sauka ƙasa da 30. Ba doka ba ce, amma idan ka ga sai ka matse rubutu zuwa 14 kafin ya shiga, to rubutun ne ya yi yawa.

Shi ma rubutun da aka liƙa a ƙasa yana son gyara, in ba haka ba an ɗauke karatu daga allo ne kawai an mayar da shi kan kwamfuta. A mayar da shi gajerun layukan tuni, a jere yadda za a yi maganar, da lambobin da ba a son a yi kuskurensu. Lokacin jawabi, Presenter View ne ke nuna wa mai magana waɗannan layuka a kwamfutarsa, jama'a kuma na ganin silaid kaɗai. Ana iya gwada shi a gida ba tare da majigi ba ta danna Alt+F5. A ɗakin taro kuma a duba da wuri: a danna maɓallin Windows tare da P, a tabbatar an zaɓi Extend, domin idan majigi na maimaita fuskar kwamfuta ne, kowa zai iya karanta abin da ka rubuta wa kanka.

Saura wanda bai zo taron ba ya ce a turo masa. Silaid mai sanduna biyu ba zai gamsar da shi ba, tunda bai ji bayanin baki ba, kuma idan aka mayar da shi PDF kai tsaye ƙarin bayanin ba ya biyo shi. Sai a shiga Options wajen adanawa a zaɓi Notes pages, kowane shafi ya fito da hoton silaid a sama da bayaninsa a ƙasa. Idan kuwa ainihin fayil ɗin za a tura, a sake karanta abin da ke ƙasa tukuna, don mutane kan rubuta wa kansu abubuwa irin su "kada a ambaci kuɗin a gaban shugaba". Inspect Document, da ke ƙarƙashin File sannan Info, yana iya share dukan ƙarin bayanin a lokaci ɗaya, amma a yi hakan a kan kwafi, domin abin da ya share ba lallai ne ya dawo ba.