Gashinki na shan ruwa da wuri ko sai an lallaɓa shi?

Mata biyu za su sayi man gashi iri ɗaya, ɗaya gashinta ya yi laushi, ɗayar kuwa ya yi mata danƙo a ka. Sau da yawa ba laifin man ba ne. Bambancin yana ga yadda gashin kowacce ke karɓar ruwa da yadda yake riƙe shi.

Kowane silin gashi yana lulluɓe da 'yan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Idan sun kwanta lif, ruwa na wahalar shiga, in kuma ya shiga ba ya saurin fita. Idan sun ɗaga ko sun farfashe, ruwa zai shige nan take, ya kuma tsere nan take. Wani gashin haka aka halicce shi, amma galibi rilaksa, rini, ƙarfen miƙar da gashi da yawan taza da ƙarfi su ne ke farfasa ɓawon.

Gwajin da ya fi yaɗuwa shi ne a jefa sili a kofin ruwa: in ya nutse wai mai shan ruwa ne, in ya taso wai ba ya sha. Ni dai ban ba shi muhimmanci. Sili ba shi da nauyi, saman ruwa kan riƙe shi ko da ya lalace, balle a ce akwai ɗan maiƙo a jikinsa.

Wanda ya fi shi ne gwajin feshi. Bayan kin yi tsifa, ki wanke kai da shamfu tas, kada ki shafa komai, ki bari ya bushe. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi, domin gashin da ya sha basilin ko man shanu zai ƙi ruwa ko wane iri ne. Sai ki ware ɗan ƙulli, ki fesa masa ruwa sau biyu ko uku, ki duba a madubi. In ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a sama har minti ɗaya ko biyu, gashin mai jinkirin sha ne. In ya ɓace kafin ki ajiye kwalbar, gashin ya yi lakwas, to mai saurin sha ne. Ki ƙara da lura ranar wanki: mai jinkiri yakan wuni da danshi a ciki, mai sauri kuwa ya bushe ƙayau cikin ɗan lokaci, ya yi kaushi. Sai dai cikar gashi da iskar hunturu na sauya lokacin bushewa, don haka kada ki yanke hukunci da wannan kaɗai.

Kuma ki gwada wuri biyu, gindi da baki. Gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, saboda haka bakin gashi mai tsawon santimita 12 ya kai shekara yana shan taza da rana. Ɗauki misalin matar da ta daina rilaksa wata 6 da suka wuce. Sabon tsiron da ke gindi zai iya ƙin ruwa, alhali tsohon da ke baki yana zuƙe shi. In ta laɓta man kaɗanya daga gindi, sai ya taru a fatar kai ya haɗu da ƙura, ƙaiƙayi ya biyo baya. In kuma ta bar bakin haka, nan zai riƙa karyewa, musamman a mahaɗar sabo da tsoho. Abin da ya dace da ita, ta jiƙa gindin da ruwan ɗumi ta shafa mai kaɗan, kauri kuwa ta bar wa baki.

Mai jinkirin sha ɗumi yake so. Ki shafa kwandishana, ki rufe kan da hular leda na minti 20, sannan ki ɗauraye. Mai mara nauyi, ɗan kaɗan, ya wadatar. Babban kuskure a nan shi ne yin kitso ko ɗaura ɗankwali alhali cikin gashin bai bushe ba. Daga nan tsamin kai ke farawa.

Mai saurin sha kuwa matsalarsa riƙewa ce. Shafa man kwakwa kafin wanki na rage masa lalacewa, domin man yana ratsa cikin silin. Bayan wanki, tun da sauran danshi, a sa kirim sannan a rufe da man kaɗanya. Mai ba ya jiƙa gashi, tsare ruwan da ke ciki kawai yake yi, don haka shafa shi a busasshen gashi ɓarna ce. Kitson da ke ɓoye baki, irin su shuku, ya fi masa, amma ki gaya wa makitsiya ta sassauta hannu. Ɓawon da ya fashe ba ya komawa daidai, don haka bakin da ya tsattsage sai almakashi.