Idan Funfuna Ta Kama Takalmi da Jakar Fata

Amarya kan samu jaka da takalmi saiti-saiti a lefe, ta ɗauki biyu tana sawa, sauran ta ƙulle su a leda ta tura ƙasan akwati. Sai damina ta wuce, biki ya taso, a buɗe akwati a tarar fatar ta yi fari-fari da kore-kore, tana warin gumi da tsohon ɗaki. Funfuna ce. Danshi take so da wurin da iska ba ta shiga, kuma leda ta haɗa mata duka biyun, musamman a watan Agusta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa wa mai goge takalmi ya lafta mai a kai. Takalmin zai yi ƙyalli, amma funfunar tana nan da ranta a ƙarƙashi, man ma abinci ne gare ta.

Aikin daga tsakar gida yake farawa, da takunkumi a hanci, domin ƙurar funfuna tana tayar da asma. A kakkaɓe ta da buroshi mai laushi, a bi ɗinki da gindin zif da lungun yatsu. Sannan a haɗa farin ruwan kal, wato binega, da ruwa daidai wa daida, a jiƙa tsumma a matse shi sosai. Kafin a taɓa fuskar jaka, a gwada a ƙasanta tukuna: fatar da dukawa suka rina, irin jar nan da ake samu a Kasuwar Kurmi, takan saki launi. In tsumma ya fito da ja, sai a ƙara ruwa, a riƙa dangwalawa maimakon gurzawa. Cikin jakar ma a goge shi, don can wari ke ɓuya.

Shanya ita ce wurin haƙuri. A cusa takarda marar rubutu a ciki don kada siffa ta lotse, a ajiye a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu. Rana mai zafi da bakin murhu suna ƙandarar da fata har ta tsage.

Sai ta bushe sarai ake ba ta mai, domin kal yana busar da ita, ga hunturu na tafe. Man kaɗanya ɗan lakuce a yatsa ya ishi ƙafa ɗaya. A murza da tsumma, ya kwana, a goge rarar. Yana ɗan duhunta fata, saboda haka jaka mai haske gara a nema mata man fata marar launi. Man gyaɗa kuwa yami yake yi, ya sake jawo funfuna. Fata mai gashi-gashi ba a sa mata mai sam, buroshi ya ishe ta.

Baƙaƙen ɗigo da suka ƙi fita sun riga sun shige cikin fatar, sai dai baduku ya sake rini. Jakar da ke ɓarewa fallen-fallen kuma ba funfuna ke damunta ba, roba ce aka shafa wa yadi, kuma babu man da zai mayar da ita.