Nawa Gona Ta Kai? Yadda Ake Auna Kuɗin Gobe da Ma'aunin Yau

Wanda ya sayi gona mai aiki, amfanin da za ta riƙa bayarwa shekara bayan shekara ya saya. Saboda haka kafin a shiga ciniki, abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne: kuɗin da gonar za ta kawo nan gaba, nawa suka kai a yau? Masana harkar kuɗi suna da hanyar lissafa wannan, kuma ta daɗe. Tun a 1849 wani masanin gandun daji Bajamushe, Martin Faustmann, ya yi amfani da ita wajen kimanta filin da ake shuka itatuwa.

Tushen lissafin shi ne naira ta yau ta fi naira ta baɗi. Ba maganar bashi da ruwa ake yi ba. Kuɗin da ke hannunka za ka iya juya su a kiwo ko fatauci, na baɗi kuwa sai ka jira, kuma damina tana iya saɓawa. Idan sana'a mai kasada irin ta noma tana ba ka ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara, to naira 100 ta yau daidai take da naira 120 ta baɗi. Don a dawo da kuɗin baɗi zuwa yau, sai a raba su da 1.2. Na shekara ta biyu a raba sau biyu, na ta uku sau uku.

Mu ƙaddara an yi maka tallar gonar shinkafa mai ban ruwa a kan naira miliyan 35. Da farko ka gano abin da ke saura a hannu kowace shekara bayan an cire kuɗin iri, taki, magani, ƙwadago, man injin ban ruwa, gyare-gyare da ladan mai kula da gonar. A ce miliyan 6 ne. Kana da niyyar nomanta shekara biyar, sannan ka sayar a kan miliyan 30. Dillali zai ce maka miliyan 30 na amfani da miliyan 30 na sayarwa sun kama 60, don haka 35 araha ce.

To, mu dawo da kowane kuɗi zuwa yau. Miliyan 6 na shekarar farko sun koma miliyan 5. Na ta biyu sun koma 4.17, na ta uku 3.47, na ta huɗu 2.89, na ta biyar 2.41. Jimillarsu kusan miliyan 18. Miliyan 30 na sayarwa kuwa, da yake sai ƙarshen shekara ta biyar za su zo, an raba su da 1.2 sau biyar, sun koma miliyan 12. Gonar ke nan ta kai miliyan 30 a wurinka. In ka biya 35, ka yi asarar miliyan 5 tun ranar ciniki.

Amma amsar tana rataye ne a kan kason da ka zaɓa. Da kashi 15 ka yi lissafin, gonar za ta kai miliyan 35, wato farashin mai sayarwa. Da kashi 25 ne, za ta sauko zuwa 26. Gonar da ke bakin kogi mai yawan ambaliya, ko wadda takardunta ke da rikici, ta cancanci kaso mai tsauri fiye da mai tabbataccen ruwa da hanyar mota.

Kurakurai uku ne suka fi ɓata wannan lissafi. Na farko, ɗaukar shekarar da aka yi albarka a mai da ita ma'auni. In a cikin shekara biyar akan yi asarar ɗaya, matsakaicin abin da ke shigowa miliyan 4.8 ne, ba 6 ba. Na biyu, mantawa da ladan kai. Wanda zai kula da gonar da kansa ya rubuta wa kansa albashi, in ba haka ba zai ɗauki guminsa a matsayin ribar ƙasa. Na uku, hauhawar farashi, wadda ta wuce kashi 30 cikin ɗari a Najeriya a 2024. Wanda ya ƙara kuɗin buhun shinkafa kowace shekara a lissafinsa, dole ya ƙara na taki da na mai, ya kuma ɗaga kason da yake rabawa da shi.

A kuma lura da kuɗin sayarwa na ƙarshe. A misalinmu miliyan 12 ne cikin 30, alhali su ne aka fi yi wa zato. Duk lissafin da mafi yawan darajarsa ta fito daga "ai ƙasa za ta yi tsada", ya tashi daga kimanta noma ya koma hasashen farashin fili.

Don haka kafin ka taya gona, nemi bayanin girbi da na kashe-kashe na shekaru da dama, ka tambayi maƙwabtan gonar, sannan ka yi lissafin sau biyu, da kaso mai sauƙi da mai tsauri. Kada tayinka ya wuce abin da gonar za ta iya biya ko da an gamu da shekara mai wuya.