“Za Mu Neme Ka”: Tambayar da Ake Mantawa a Ƙarshen Intabiyu

An gama tambayoyi, jami'ar ɗaukar ma'aikata ta rufe fayil, ta ɗago kai ta ce, “Ko kana da wata tambaya?” Mai neman aiki ya yi murmushi ya ce babu, ya yi godiya, ya fita. A bakin ƙofa aka sallame shi da “za mu neme ka”. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara barin hannunsa ba, duk baƙuwar lamba gabansa sai ya faɗi. Bai san ko saura mataki ɗaya ko huɗu ba, bai san ko jiran na sati ne ko na wata uku ba, alhali wadda ta san amsar ta ba shi dama ya tambaya.

Kunya ce ke hana da yawa. Wanda aka rena a kan cewa mai nema ba ya gaggauta mai bayarwa yana ganin tambayar kamar rashin ta ido ce. Amma a wurin jami'in tambaya ce ta yau da kullum, domin jadawalin na gabansa, shi ne ma ke bin manajoji yana roƙon su ware lokacin zama.

Dalilin tambayar shi ne ɗaukar aiki a manyan ma'aikatu ba zama ɗaya ba ne. Bankunan Najeriya da ke ɗibar sababbin masu digiri sukan fara da jarrabawar kwamfuta, wadda sau da yawa wani kamfani na waje irin su Dragnet ke shirya musu. Daga nan sai tantance takardu, har da shaidar kammala bautar ƙasa, sai intabiyu ɗaya ko biyu, sai gwajin lafiya, sannan makarantar horo da ake iya sallamar mutum idan bai ci jarrabawarta ba. A sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake nema ta shafin Inspira, akwai rubutacciyar jarrabawa, da intabiyu a gaban kwamiti, da wani kwamitin daban da ke duba ko an bi ƙa'ida, kuma abin yakan ci watanni. Mutum yana iya cin duka, a sa sunansa a jerin masu jiran gurbi kawai, ba a ba shi kujerar ba.

To yaya ake tambayar? A taƙaice, cikin ladabi, kuma a nemi lissafi. Misali: “Hajiya, don in tsara lokacina, matakai nawa suka rage bayan wannan, kuma kowanne yakan ɗauki kamar kwana nawa?” Kalmar “yakan” tana da aiki a nan. Jami'ar ba za ta iya yin alkawarin rana ba, amma za ta iya faɗin abin da aka saba gani. Idan ta ce “ba da jimawa ba”, sai a rage mata faɗin tambayar: “Wanda aka ɗauka na ƙarshe a irin wannan matsayi, daga wannan zama zuwa takardar ɗaukar aiki, sati nawa ya yi?” Sai kuma ta ƙarshe, wadda ita ce ke ba mutum izinin tuntuɓa daga baya ba tare da ya zama mai naci ba: “Idan ban ji komai ba zuwa ranar, in tuntuɓe ki, ko akwai wanda ya kamata in nema?”

A ɗauki misalin wata akanta a Kano, tana aiki da wani kamfanin rarraba kaya, kwantiraginta ya ce sai ta ba da notis na wata ɗaya kafin ta tafi. Ta yi intabiyun farko da wata ƙungiyar agaji mai ofis a Maiduguri. A satin ne kuma wani ƙaramin kamfani ya miƙa mata takardar aiki, da sharaɗin ta ba da amsa cikin kwana 7. Zuciyarta na wajen ƙungiyar, don albashin ya fi tsoka.

Ta tambaya, jami'in ya zayyana mata. Akwai gwajin aiki a kan Excel da zama da shugaban sashen kuɗi, cikin kwanakin aiki 10. Kwanakin aiki fa, ba na kalanda ba, wato sati 2 cur, kuma idan hutun Sallah ya faɗo ciki sai a ƙara. Bayan nan sai amincewar babban ofis, sati 2. Sai tuntuɓar waɗanda ta ba da sunansu su shaide ta, da gwajin lafiya, sati 1 zuwa 2. Jimla sati 5 zuwa 6 kafin takarda ta fito. Ta ɗora watan notis a kai, ta ga ba za ta zauna a kujerar ba sai bayan sati 9 ko 10, albashin farko kuma sai ƙarshen wannan watan.

Nan take ta gane kwana 7 ba za su taɓa haɗuwa da sati 6 ba, ko da ta roƙi ƙaramin kamfanin ya ƙara mata sati guda. Sai ta yi abin da ya rage: ta gaya wa jami'in gaskiya cewa tana da wata takardar a hannu mai wa'adi, ta tambaya ko akwai matakin da za a iya matso da shi. Ya ce gwajin da zaman zai iya haɗa su rana ɗaya, amma amincewar babban ofis ba a hannunsa take ba, domin tana jiran sa hannun masu ba da tallafin aikin.

Wannan amsar ta fi duk lissafin kwanakin amfani. Matakan da ke hannun jami'in, kamar sa ranar zama, kiyasinsa a kansu yakan yi kusa da gaskiya. Waɗanda ke jiran wani, kamar kasafin kuɗi, ko sa hannun manajan darakta, ko kuɗin masu tallafi, su ne ke miƙewa ba iyaka. Shi ya sa yake da kyau a ji ba tsawon mataki kaɗai ba, har da wanda ke riƙe da shi. Akwai kuma bambanci tsakanin jami'in cikin gida da na kamfanin dillancin ma'aikata. Dillali yana son a ɗauke ka, don galibi a nan ladansa yake, amma jadawalin ba nasa ba ne, abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Kiyasinsa a ƙara masa sati ɗaya ko biyu a zuci.

Alamun matsala ba su da wuyar ganewa. Idan aka ce saura mataki ɗaya, aka yi shi, sai ga wani sabo ya ɓullo, har sau biyu, to ko dai ba su daidaita a kan wanda suke so ba, ko an riƙe ka ne a matsayin na biyu ana jiran amsar na farko. Idan kuwa wani mataki ya zo da biyan kuɗi, na fom ko na asibiti a asusun wani mutum, a ja da baya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 8, ta ɗora kuɗin gwajin lafiyar ma'aikaci a kan mai ɗaukar aiki.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ajiye tsohon aiki a kan “an gama, saura takarda”. Gwajin lafiya da binciken shaidu matakai ne da ake faɗuwa a cikinsu, kuma a nan ake gano takardar da ba ta cika ba. Sashe na 11 na dokar ya sa mafi ƙarancin notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, sati 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, sati 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Sai dai ma'aikatan ofis irin akantar nan kwantiraginsu ne abin dubawa, kuma yakan ce wata ɗaya ko a biya albashin wata a madadinsa.

Ita dai ta bar takardar ƙaramin kamfanin ta wuce, ta ci gaba da tsohon aikinta ba ta ce wa kowa komai ba. A daren ta aika wa jami'in imel na layi uku, ta yi godiya, ta jera matakan da kwanakinsu yadda ya faɗa, ta ce idan ba ta ji daga gare su ba za ta sake tuntuɓarsa kwana 2 bayan cikar wa'adin farko.